Darasi na Goma Sha Huɗu: Mayar da Farashin Dala Zuwa Naira

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ka iya mayar da farashin kaya daga dalar Amurka zuwa naira ta hanyar ninkawa, ka iya tabbatar da amsarka ta hanyar rabawa, sannan ka san irin kuskuren da rabawa take kamawa da wanda ba ta kamawa.

Sababbin Kalmomi

Canji: musayar kuɗin wata ƙasa da na wata ƙasar.
Ɗan canji: mutumin da sana'arsa ita ce saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashen waje. Jam'insa 'yan canji.
Farashin canji: yawan nairar da ake bayarwa a kan dala ɗaya.
Ninkawa: tara lamba ɗaya sau da yawa. Alamarta ×, ana karanta ta da “sau”.
Rabawa: kasa lamba gida-gida daidai wa daida. Alamarta ÷.
Saura: abin da ya rage bayan an gama rabawa.
Ɗigo: alamar da take raba dala da senti, ko naira da kobo.
Waƙafi: alamar da take raba dubbai da ɗaruruwa, kamar a 1,480.

Inda Ake Canji a Abuja

Idan ka je unguwar Wuse, shiyya ta huɗu, a birnin Abuja, za ka tarar da shagunan 'yan canji jere a bakin titi. Nan ne matattarar masu canjin kuɗi mafi suna a babban birnin tarayya, kamar yadda Wapa take a unguwar Fagge ta Kano. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a Hausawa ne, saboda haka za ka ji ana ciniki da Hausa. Babban Bankin Nijeriya, wanda hedikwatarsa take a tsakiyar Abuja, shi ne yake ba 'yan canji lasisin yin sana'ar.

Naira ita ce kuɗin Nijeriya tun ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da ta maye gurbin fam. Kobo 100 ne naira ɗaya, kamar yadda senti 100 suke dala ɗaya. Amma yawan nairar da ke cikin dala ba ya tsayawa wuri guda. A shekarar 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, kimanin kobo 55 ce. A farkon 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460. A watan Yuni na wannan shekarar Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji na hukuma, ya bar farashi ya bi yadda ake nema da yadda ake samu, kuma a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Don haka ba a haddace farashin canji kamar yadda ake haddace yawan kobo a naira. Tambayarsa ake yi a ranar da za a biya kuɗi. Farashin da za mu yi aiki da shi a wannan darasi na misali ne kawai.

Ka lura da kalmar “dala”. A Jamhuriyar Nijar, idan Bahaushe ya ce dala, yawanci yana nufin sefa biyar ne. A nan kuwa dalar Amurka muke nufi, mai alamar $.

Mataki na Farko: Ninkawa

A ce yayarka tela ce, tana da shago a Kasuwar Wuse. Ta ga keken ɗinki na lantarki da wani dillali yake shigowa da shi daga waje, farashinsa $235. Ta tambayi ɗan canji, ya ce yau yana sayar da dala ɗaya a kan ₦1,480. Naira nawa za ta tanada?

Yi tunani tukuna kafin ka ɗauki biro. Dala ɗaya tana buƙatar ₦1,480. Dala biyu suna buƙatar ₦1,480 sau biyu. Dala 235 kuwa suna buƙatar ₦1,480 sau 235. Daga nan ƙa'idar ta fito:

yawan dala × farashin canji = yawan naira

Lambar 1,480 babba ce, ninka ta a dunƙule yana da wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gutsuttsura ta gida uku, wato 1,000 da 400 da 80, ka ninka 235 da kowane gida, sannan ka tara.

235 × 1,000 = 235,000
235 × 400 = 94,000
235 × 80 = 18,800

A layi na biyu, 235 sau 4 ya ba da 940, sai aka ƙara sifili biyu na 400, ya zama 94,000. A layi na uku, 235 sau 8 ya ba da 1,880, aka ƙara sifili ɗaya na 80, ya zama 18,800. Yanzu sai tarawa:

235,000 + 94,000 + 18,800 = 347,800

Amsar ita ce ₦347,800. Da baki za ka ce: naira dubu ɗari uku da arba'in da bakwai da ɗari takwas.

Mataki na Biyu: Tabbatarwa ta Rabawa

Kada ka miƙa wa yayarka wannan amsa tukuna. Idan ka yi kuskure ƙasa, za ta isa wurin ɗan canji kuɗinta bai cika ba. Idan ka yi kuskure sama, za ta ci bashin da ba ta bukata, ko ta fasa sayen keken alhali tana da halinsa.

Wani zai ce ai sai a sake ninkawa. To, amma wanda ya yi tuntuɓe a kan hanya, idan ya sake bin ta da sauri, yakan yi tuntuɓe a dutsen ɗazu. Idan ka manta da sifili a karon farko, mai yiwuwa ka sake mantawa a karo na biyu. Shi ya sa ake komowa ta wata hanyar daban, wato rabawa. Rabawa tana warware abin da ninkawa ta ƙulla. Idan 6 sau 5 talatin ne, to talatin a raba gida 5 dole ya koma 6. Ƙa'ida ta biyu ke nan:

yawan naira ÷ farashin canji = yawan dala

Tambayar da kake yi wa kanka ita ce: sau nawa 1,480 zai shiga cikin 347,800? Idan ninkawarka daidai ce, amsar za ta zama 235 cif, ba saura.

Tun da lambobin biyu duk sun ƙare da sifili, kana iya cire sifili ɗaya daga kowacce, amsar ba za ta sauya ba. Sharaɗin shi ne ka cire daga duka biyun, kuma adadi ɗaya. Aikin ya koma 34,780 ÷ 148.

Fara daga hagu. 148 ba zai shiga cikin 3 ba, ba zai shiga cikin 34 ba, amma zai shiga cikin 347 sau 2, domin 148 sau 2 shi ne 296. Rubuta 2. Ɗebe 296 daga 347, saura 51.

Sauko da lamba ta gaba, wato 8, ya zama 518. 148 zai shiga cikin 518 sau 3, domin 148 sau 3 shi ne 444. Rubuta 3. Ɗebe 444 daga 518, saura 74.

Sauko da lamba ta ƙarshe, wato 0, ya zama 740. 148 sau 5 shi ne 740 daidai. Rubuta 5. Babu saura.

Lambobin da ka rubuta su ne 2 da 3 da 5, wato 235. Ka dawo kan farashin da ka fara da shi, saboda haka lissafinka ya tabbata.

Yadda Rabawa Take Nuna Inda Kuskure Yake

Amfanin rabawa bai tsaya ga cewa an yi daidai ko ba a yi ba. Idan ka dubi amsar da ta fito da kyau, takan nuna maka irin kuskuren da aka yi. Ga ɗalibai uku da aka ba wannan aiki, kowanne da amsarsa.

Ɗalibi na farko ya sami ₦34,780. Da ya raba da 1,480, sai ya ga 23.5. Dubi lambobin: 2 da 3 da 5 suna nan a jerensu, ɗigo ne kawai ya shiga tsakani. Duk lokacin da lambobin suka dawo daidai amma amsar ta ragu ko ta ƙaru sau goma, to sifili ne ya ɓace ko ya yi yawa a jimlar ƙarshe. Wannan kuskure yakan faru har ga mai amfani da kalkuleta, idan ya danna 148 maimakon 1480.

Ɗaliba ta biyu ta sami ₦263,200. Da ta raba, sai ta ga 177, saura 1,240. Tazarar da ke tsakanin 177 da 235 babba ce, ta kusa dala 58, kuma lambobin ba su yi kama ba. Irin wannan yana nuna cewa ɗaya daga cikin manyan gidajen ne ya lalace. Da ta koma ta duba layi-layi, sai ta tarar ta rubuta 9,400 a wurin 94,000. Sifili ɗaya da ya ɓace a layi na biyu ya rage ₦84,600 daga kuɗin keken.

Ɗalibi na uku ya sami ₦347,400. Wannan amsa ta fi sauran haɗari, domin a ido ta yi kama da gaskiya. Da ya raba, sai ya ga 234, saura 1,080. Dala ɗaya ce kawai ba ta cika ba. Nawa ake nema ta cika? Ɗebe 1,080 daga 1,480, saura 400. Ke nan ₦400 ne suka ɓace, kuma ƙaramin kuskure irin wannan a ƙaramin gida ake nemansa. Ya duba 235 sau 8. A nan 5 sau 8 arba'in ne, ana rubuta 0 a riƙe 4. Sai 3 sau 8, ashirin da huɗu, a haɗa da 4 da aka riƙe ya zama 28. Shi kuwa ya manta da abin da ya riƙe, ya sami 1,840 maimakon 1,880.

Ka riƙe wannan: idan farashin dala cikakkiyar lamba ce ba senti, rabawar ba za ta bar saura ba. Saura kome ƙanƙantarsa alama ce cewa akwai gyara, ko dai a ninkawar ko a rabawar kanta.

Idan Farashi Yana da Senti

Tare da keken, yayarka tana son kwalin allura da aka sa wa $12.75. Abin da ke hagun ɗigo dala ne, abin da ke damansa senti ne, wato dala 12 da senti 75. Ka ninka kowanne daban.

12 × 1,480 = 17,760

Senti 75 kashi uku ne cikin huɗu na dala. Rubu'in 1,480 shi ne 370, sau 3 ya zama 1,110.

17,760 + 1,110 = 18,870

Kwalin allura ₦18,870 ne. Yanzu raba 18,870 da 1,480. Zai shiga sau 12, saura 1,110. A wannan karon saura ba kuskure ba ne, sentin ne ya dawo da rigar naira. Amma kada ka karanta shi dala 12 da senti 1,110. Sai ka raba 1,110 da 1,480, ka sami 0.75, wato senti 75. Ka dawo kan $12.75.

Abu biyu ne suke yawan rikita ɗalibai a nan. Na farko, wanda bai ga ɗigo ba ya ninka 1,275 zai sami ₦1,887,000, kuɗin da ya fi na keken kansa sau biyar. Na biyu, kalkuleta ba ta rubuta sifilin ƙarshe bayan ɗigo. Idan ta nuna 12.5, ma'anarsa dala 12 da senti 50 ne. Dala 12 da senti 5 kuwa 12.05 ake rubuta ta.

Abin da Rabawa Ba Ta Iya Kamawa

Rabawa tana duba lissafi ne kawai. Ba ta san ko lambobin da ka fara da su na gaskiya ne ba. Wannan ita ce iyakarta, kuma a nan ne mutane suke yin asara ko da sun ƙware a lissafi.

Ɗan canji yana da farashi biyu. Akwai wanda yake sayen dala da shi daga hannun mutane, akwai wanda yake sayar musu da ita, kuma na sayarwa ya fi na saye. Bambancin shi ne ribarsa. A ce yau yana saye a kan ₦1,465, yana sayarwa a kan ₦1,480. Yayarka dala take nema, saboda haka farashin sayarwa ne ya shafe ta. Idan ka ɗauki na saye bisa kuskure, ga abin da zai faru:

235 × 1,465 = 344,275
344,275 ÷ 1,465 = 235

Rabawa ta dawo da 235 ba saura, lissafi bai da aibi. Duk da haka idan ta je shagon canji da ₦344,275, za a ce mata kuɗinta sun gaza da ₦3,525, wato ₦15 a kan kowace dala sau 235. Haka nan idan ka yi aiki da farashin makon jiya, ko ka kwafi 253 a wurin 235, rabawa za ta dawo maka da lambar da ka ba ta ne. Maganin wannan shi ne ka koma ga takardar farashi ka gwada da idonka, kuma ka yi wa ɗan canji cikakkiyar tambaya. Kada ka ce “Nawa dala?” ka tsaya. Ka ce: “Alhaji, nawa kuke sayar da dala yau?” Idan kai ne mai dala a hannu, sai ka ce: “Nawa kuke saye?”

Ka kuma sani cewa ₦347,800 kuɗin keken ne kaɗai. Kuɗin dako da kuɗin kwastan da ladar da banki yake cira idan ta nan aka biya, duk lissafinsu daban ne, a kai ake ɗora su.

Wata Rabawar: Gano Farashin da Aka Yi Maka

Ana iya juya rabawar ta wata fuska. Maimakon ka raba naira da farashin canji, sai ka raba ta da yawan dala, abin da ya fito shi ne farashin canjin da aka yi aiki da shi.

yawan naira ÷ yawan dala = farashin canji

A ce dillalin ya ce wa yayarka: “Hajiya, ba sai kin wahala zuwa wurin 'yan canji ba, ki ba ni ₦359,550 kawai.” Raba 359,550 da 235, za ka sami 1,530. Ashe ya lissafa mata kowace dala a kan ₦1,530, ƙarin ₦50 a kan farashin kasuwa, wanda a dala 235 ya kama ₦11,750. Yanzu ta san abin da sauƙin zai ci mata. Tana iya neman ragi, tana iya zuwa ta canzo da kanta, tana kuma iya yarda ta biya da saninta.

Faɗin Manyan Lambobi da Hausa

A wajen ciniki da baki ake faɗin kuɗi, kuma Hausa tana da wani wuri mai santsi. Idan mutum ya ce “naira dubu ɗari biyu da hamsin”, yawancin masu sauraro za su fahimci ₦250,000. Idan ₦200,050 kake nufi, sai ka maimaita sunan kuɗin, ka ce “naira dubu ɗari biyu da naira hamsin”. Ka kuma tuna cewa sunan kuɗi ne yake gabatar lamba: “dala ɗari biyu da talatin da biyar”, “naira dubu goma sha takwas da ɗari takwas da saba'in”. Idan kuɗin suna da yawa, ka faɗa da baki, sannan ka rubuta da lambobi a takarda, ku duba tare.

Tambayoyi

1. A wace shekara naira ta maye gurbin fam?
2. Me ya sa ba a haddace farashin canji?
3. Me ya sa rabawa ta fi sake ninkawa amfani wajen tabbatar da amsa?
4. A wane hali ne saura yake nuna kuskure, a wane hali ne kuma ba ya nunawa?
5. Kawo kurakurai biyu da rabawa ba ta iya kamawa.

Aikin Lissafi

Mayar da waɗannan zuwa naira, ka tabbatar da kowace amsa ta rabawa, sannan ka rubuta amsar da kalmomin Hausa.

(a) $60 a kan ₦1,480
(b) $148 a kan ₦1,525
(c) $7.50 a kan ₦1,480

Nemo kuskuren da ke cikin waɗannan ta hanyar rabawa, ka faɗi irinsa, ka gyara.

(d) 320 × 1,495 = 47,840
(e) 410 × 1,480 = 606,080

(f) An sa wa wata waya $85, mai shago ya ce a biya ₦130,900. A kan nawa ya lissafa dala ɗaya?

Aikin Baka

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ɗan canji, ya rubuta farashin saye da na sayarwa a takarda. Ɗayan ya zama mai neman $90. Ku gaisa, ku yi ciniki da Hausa, mai saye ya ninka, ɗan canji ya tabbatar ta rabawa. Bayan haka ku sauya matsayi, a wannan karon mai zuwa shagon ya zo da $90 yana neman naira.